Shin za a iya yi wa mai ba da jini alkawarin cewa babu wanda zai gane shi?

Malama Maryam:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masanan da ke wannan zaure a kan jimla ɗaya da ke cikin takardar amincewa da muke shirin fara aiki da ita. Aikin shi ne a karɓi jinin masu hawan jini da na waɗanda ba su da shi, a karanta ƙwayoyin halittarsu gaba ɗaya, sannan a ajiye jinin da bayanan a rumbun bincike domin masu bincike na gaba su nema su yi aiki da su. Jimlar tana cewa: "Za a cire sunanka a sa lamba a madadinsa, saboda haka babu wanda zai iya gane cewa bayanan naka ne." Ni ce zan riƙa zama da mutane ina karanta musu takardar kafin su sa hannu. Rabin farko na jimlar na san gaskiya ne, domin na ga yadda ake yi. Rabi na biyu ne zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma ba na so in faɗa wa mutum abin da ba zan iya tsaya masa a kai ba.

Malam Habibu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ni aikina ke nan, kula da rumbun bayanai, kuma a ganina jimlar ba ta da aibi. Kwalbar jini ba ta ɗauke da suna, lamba ce kawai a jikinta. Jadawalin da ya haɗa lamba da suna yana wata na'ura dabam, a kulle, kuma mutane ƙalilan ne suke da izinin buɗe shi. Mai binciken da ya nemi bayanai ba ya ganin suna, ba ya ganin adireshi, ba ya ganin ranar haihuwa, sai dogon jerin haruffa da shekaru da awon jini. Jerin haruffa ba ya magana, ba ya cewa ni wane ne. Idan kika fara kawo wa mutane shakku a kan abin da da wuya ya faru, za su tashi su tafi, kuma binciken da zai amfani jikokinsu ya tsaya.

Dakta Sa'adatu:
Malam Habibu ya faɗi gaskiya a abu ɗaya mai muhimmanci, wato bayanan ƙwayoyin halitta su kaɗai ba sa fitar da suna, dole sai an sami wani abu na biyu da za a gwada su da shi. Inda na saɓa masa shi ne ɗaukar cewa wannan abu na biyu yana hannun rumbun kaɗai. Jadawalin da ya kulle hanya ɗaya ce ta komawa ga sunan, amma akwai wasu hanyoyin da ba su bi ta ƙofarsa ba.

Jerin ƙwayoyin halittar mutum yana da haruffa kusan biliyan 3, kuma mutane biyu da ba su da dangantaka sun bambanta a miliyoyin gurabe. Tun a 2004 wasu masana a jami'ar Stanford suka yi lissafi a mujallar Science cewa gurabe 30 zuwa 80 daga cikin waɗannan, in dai ba waɗanda ake gadonsu tare ba ne, sun isa a ware mutum ɗaya daga dukan jama'a. Ke nan abin da muke ajiyewa shi kansa shaida ce da ta fi suna ƙarfi, domin mutane da yawa suna iya haɗa suna ɗaya, amma in ba tagwaye masu kama ɗaya ba, babu mai haɗa wannan jeri da wani.

Bari in ba da misalin da ya faru a zahiri, daki-daki, don a ga yadda ake bi. A watan Janairun 2013 ƙungiyar Yaniv Erlich ta cibiyar Whitehead a Amurka ta wallafa wani aiki a Science. Sun ɗauki bayanan wasu maza daga aikin karanta ƙwayoyin halitta mai suna 1000 Genomes, waɗanda suke a buɗe a intanet ba tare da suna ba. Mataki na farko, sun duba kuromosom Y, wanda namiji yake gada daga mahaifinsa kusan ba tare da canji ba, suka ƙirga yawan maimaicin wasu gajerun haruffa a gurabe sanannu. Mataki na biyu, sun shigar da waɗannan alƙaluma cikin rumbunan masu neman salsalar danginsu, irin su Ysearch, inda mutane suka sa nasu sakamakon da kansu tare da sunan zuriyarsu. Tun da a can sunan zuriya yana bin uba kamar yadda kuromosom Y yake bi, dacewa da wani baƙo mai nisan dangantaka ta isa ta ba da sunan zuriyar. Mataki na uku, sun haɗa sunan da abubuwa biyu da aka bari a fili saboda an ɗauka ba su da haɗari, wato shekarun mutum da jihar da yake, wadda ita ce Utah. Daga nan sai binciken intanet na yau da kullum, sanarwar rasuwa da bishiyar dangi. Sun gano sunan zuriya a wurare 5, kuma saboda akwai bayanin yadda masu ba da samfurin suke da dangantaka da juna, abin ya kai ga gane kusan mutum 50, har da mata.

Abin lura shi ne ba su fasa na'urar kowa ba, kuma ba su taɓa jadawalin lamba da suna ba. Sun sanar da NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kafin wallafawa, ba su bayyana sunan kowa ba, kuma hukumar ta janye bayanin shekaru daga shafin da kowa ke gani. Saboda haka, Malama Maryam, rabi na biyu na jimlarki alkawari ne da babu rumbun da zai iya cikawa.

Malam Habibu:
Na gode, Dakta, amma misalin naki ya rataya ne a kan sunan zuriya da ake gada uba da ɗa har tsawon ƙarni. Akwai al'ummomi da yawa a duniya da ba haka suke sa suna ba, kuma waɗanda suka cika waɗannan rumbuna na neman dangi galibinsu masu asalin Turai ne. Wanda danginsa ba su taɓa aika yawunsu ko'ina ba, da wa za a gwada shi?

Dakta Sa'adatu:
Wannan hujja ce mai kyau, Malam, kuma na yarda cewa a yau haɗarin ba ɗaya yake ga kowa ba. Amma akwai abubuwa biyu. Na farko, hanyar ta riga ta wuce sunan zuriya. A watan Afrilun 2018 'yan sandan California suka kama Joseph DeAngelo bayan shekaru da dama ana nemansa kan laifukan kisan kai, ta hanyar shigar da bayanan samfurin da aka samu a wurin laifi cikin shafin masu neman dangi na GEDmatch, inda suka dace da wasu danginsa na nesa, sannan aka zana bishiyar dangi har aka sauko kansa. A shekarar ne kuma Erlich da abokan aikinsa suka bincika rumbu mai mutum miliyan 1.28, suka ga cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na Amurkawa masu asalin Turai za a samo musu ɗan'uwa wanda suka haɗa kakan-kaka ko wanda ya fi haka kusa. Sun kuma ƙiyasta cewa idan rumbu ya ƙunshi kashi 2 cikin ɗari kawai na wata al'umma, kusan kowa a cikinta za a samo masa irin wannan ɗan'uwa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, rumbun bincike ana gina shi ne don ya daɗe, shekara 20 ko 30 ko fiye. Mutum yana iya canza lambar sirrin asusunsa idan ta fita, amma ba ya iya canza ƙwayoyin halittarsa, kuma 'ya'yansa suna ɗauke da rabinsu. Al'ummar da ba ta cikin rumbunan neman dangi a bana tana iya shiga nan da shekara 10, alhali bayanan da aka raba wa masu bincike suna nan yadda suke. Ban da wannan ma, a ƙaramar al'umma ba a bukatar duk wannan dabara, domin cuta da ba a cika samu ba tare da shekaru da sunan yanki sun isa wanda ya san wurin ya gane wa ake nufi.

Alhaji Lawal:
Ku gafarce ni in shigo da tawa matsalar, tun da na ga akwai masana. Shekarun baya an ɗebi jinina a wani asibiti, aka ce na binciken ƙwayoyin halitta ne, na sa hannu a takarda. Har yau babu wanda ya kira ni ya faɗa mini abin da aka gani. Ni na ɗauka shirun yana nufin lafiyata ƙalau, ba a ga wata cutar gado ba. To yanzu da nake karanta maganarku sai hankalina ya tashi. Shin shirun lafiya ne? Kuma idan na je na ce a ba ni jinina, za su ba ni?

Hajiya Rakiya:
Alhaji, tambayarka ba ta kauce daga maganar ba ko kaɗan. Na daɗe ina zama a kwamitin ɗa'ar bincike, kuma abin da ka faɗa shi ne kuskuren fahimtar da ya fi yawa. Shirun ba ya nufin an duba ka an ga lafiya. Yawancin rumbunan bincike ba sa mayar wa mutum sakamakon ƙwayoyin halittarsa, kuma mai yiwuwa babu wanda ya taɓa duba bayananka da nufin neman cuta a jikinka, domin masu bincike suna kallon dubban mutane ne a dunƙule. UK Biobank, rumbun bincike na Birtaniya wanda ya ɗauki mutum kusan 500,000 masu shekara 40 zuwa 69 tsakanin 2006 da 2010, ya faɗa wa mahalartansa tun farko cewa ba za a ba su irin wannan sakamako ba. Idan kana da damuwa a kan wata cuta da ke bin danginku, likita za ka gani a yi maka gwaji na asibiti, kada ka dogara da shirun masu bincike.

Game da janyewa kuwa, haƙƙinka ne, ba sai ka ba da dalili ba, kuma bai kamata ya shafi kulawar da kake samu a asibiti ba. Ba a cika miƙa wa mutum kwalbar a hannu ba, abin da aka saba shi ne a lalata ta. Ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu, a cikinta ya kamata a sami wanda za ka tuntuɓa. Sai dai janyewa tana da iyaka, kuma gara ka san ta. Tsarin UK Biobank ya kasa ta hawa uku: a daina tuntuɓarka amma a ci gaba da amfani da abin da aka riga aka tara, ko a daina tuntuɓarka a kuma daina ɗauko sababbin bayanai daga fayil ɗinka na asibiti, ko kuma a daina amfani da komai a lalata samfurin. Ko a hawa na uku sun bayyana cewa ba za a iya cire bayananka daga nazarin da aka riga aka kammala ba. Abin da aka wallafa ya riga ya fita.

Malam Habibu:
To ai wannan ya ba ni mafita. Idan jadawalin lamba da suna ne abin tsoro, a lalata shi gaba ɗaya bayan an gama karɓar jini, shi ke nan ko mu kanmu ba mu san na wane ne ba.

Dakta Sa'adatu:
Wannan zai ƙara dagula lamarin ne, Malam. Ka tuna mutanen Utah ba ta jadawali aka gane su ba, saboda haka lalata shi bai toshe waccan hanya ba. Abin da zai toshe shi ne hanyar Alhaji Lawal, domin ranar da ya zo ya ce a cire nasa, babu wanda zai san wace kwalba ce tasa. Haka kuma ba za a iya haɗa jinin da abin da ya sami mutum daga baya ba, wa ya sami shanyewar jiki, wa ƙodarsa ta lalace, alhali wannan bibiya ita ce amfanin rumbun. Za mu rasa haƙƙin janyewa, mu rasa rabin ilimin, kuma ba mu sami cikakken sirrin da muke nema ba. Kariyar gaske tana wajen tantance wa ake ba bayanan. Shi ya sa ma'ajiyoyi irin su dbGaP da EGA ba sa sakin bayanan mutum ɗaya-ɗaya sai mai bincike ya rubuta abin da zai yi, kwamiti ya duba ko ya dace da abin da mahalarta suka amince, cibiyarsa ta sa hannu, shi kuma ya ɗauki alkawarin ba zai yi yunƙurin gane kowa ba. Wasu rumbunan yanzu ba sa barin a sauke manyan bayanan ma, sai dai mai bincike ya shiga na'urarsu ya yi lissafinsa a can, ya fita da sakamako kawai.

Barista Nura:
Ta fuskar doka, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta warware wannan a fili: bayanin da aka sauya wa suna da lamba yana nan a matsayin bayanin mutum, kuma bayanan ƙwayoyin halitta suna cikin rukunin da ake tsananta wa kariya. Saboda haka rumbun da ke ƙarƙashinta ba zai kira bayanansa marasa mai su ba don kawai ya cire suna. Ina so kuma in ja hankali cewa "babu wanda zai gane ka" ya haɗa har da hukuma, kuma wannan ba a hannun mai bincike yake ba. A Sweden akwai rumbun ɗigon jinin jarirai da ake tarawa tun 1975 don gwajin cututtukan gado da bincike. A 2003, bayan kisan ministar harkokin waje Anna Lindh, 'yan sanda sun karɓi samfurin wanda ake zargi daga wannan rumbu, abin da ya jawo muhawara mai zafi a ƙasar. Dokoki ma suna da giɓi. Dokar GINA ta Amurka ta 2008 ta hana nuna bambanci saboda ƙwayoyin halitta a inshorar lafiya da wajen ɗaukar aiki, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Shawarata ga Malama Maryam ita ce lauyan cibiyarsu ya rubuta abin da dokar ƙasar da rumbun yake ta ce game da umarnin kotu, kuma a faɗi hakan a takardar da kalmomi masu sauƙi.

Malama Maryam:
Allah ya saka muku da alheri. Ga abin da na rubuta zan kai wa shugaban aikin: "Za mu cire sunanka mu sa lamba, kuma masu binciken da za su yi aiki da bayananka ba za su ga sunanka ba, sannan an hana su ƙoƙarin gano ka. Amma ƙwayoyin halittarka naka ne kai kaɗai, kuma idan wani ya haɗa su da wasu bayanai na waje, zai yiwu ya gane ka ko danginka. Muna ganin wannan haɗari kaɗan ne a yanzu, sai dai ba za mu iya ba ka tabbacin ba zai taɓa faruwa ba." Akwai kuma wata jimla a ƙasa da ta ce za a yi amfani da samfurin a "duk wani binciken lafiya nan gaba". Ita ma ina so in ji ra'ayinku, domin idan ina bayani da baki, hawan jini nake ambata, tun da shi ne abin da mutane suka sani.

Hajiya Rakiya:
'Yata, a nan ne nake so ki fi yin taka-tsantsan, domin tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da takarda ta ƙunsa ita ce ta jawo shari'ar da duk mai wannan aiki ya kamata ya sani. Ƙabilar Havasupai ƙaramar al'umma ce da ke zaune a cikin kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, kuma ciwon sukari ya yi musu yawa. Daga 1990 masu bincike na jami'ar jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, kuma abin da mutanen suka fahimta shi ne ana neman dalilin ciwon sukarin ne. Takardar da wasunsu suka sa wa hannu kuwa an rubuta ta da faɗi, ta yadda ta ƙunshi cututtukan jiki da na ɗabi'a. Daga baya aka yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, da yawan auratayya tsakanin dangi, da kuma asalin inda ƙabilar ta yi ƙaura ta zo, wanda ya ci karo da tarihin da suka gada game da asalinsu. Sun sami labari a 2003, suka shigar da ƙara a 2004, kuma a 2010 jami'ar ta sasanta, ta biya dala 700,000 ga mutum 41, ta mayar musu da sauran jinin.

Ki lura babu wanda aka bayyana sunansa a wannan lamari. Cutarwar ta faɗa kan al'ummar ne gaba ɗaya, domin sunan ƙabilar shi ne ya fito a nazarin, kuma sauya sunan mutum da lamba ba ya kare wannan. Ni ban ce amincewa mai faɗi haramun ba ce. Rumbu ba zai iya komawa ga dubban mutane duk lokacin da sabon bincike ya taso ba, kuma sanarwar Taipei ta ƙungiyar likitoci ta duniya ta 2016 ta yarda da ita bisa sharuɗɗa. Amma sharaɗin shi ne mutum ya san faɗin abin da ya amince da shi, ya kuma san wa zai yanke hukunci a madadinsa. Saboda haka ki ambaci misalai da bakinki, musamman waɗanda kika san suna iya sa mutum ya ja baya: lafiyar ƙwaƙwalwa, nazarin asalin zuriya, aika samfuri wata ƙasa, da ba kamfanonin magani dama. In da hali a raba su gida-gida, mutum ya zaɓi wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Kafin ya sa hannu kuma, ki ce ya maimaita miki da kalmominsa abin da za a yi da jininsa. Idan ya ce za a duba masa hawan jininsa ne, to bai fahimta ba tukuna, ki sake bayani.

Malam Habibu:
Ranki ya daɗe, na karɓi gyaran jimlar farko. Amma zaɓi gida-gida yana da nauyin da ba a cika faɗa ba, kuma a kanmu yake sauka. Kowane zaɓi dole ya bi kwalbar da fayil ɗin duk inda suka je, shekara da shekaru, ko an canza na'ura ko an canza ma'aikata. Idan aka haɗa bayanan rumbuna biyar don nazari ɗaya, kowanne da nasa jerin zaɓin, a nan kuskure yake shigowa, a saki abin da mai shi ya ce kada a saki. Alkawari guda uku da za mu iya cikawa sun fi guda goma da za su ɓace a hanya.

Hajiya Rakiya:
Ban musa ba, Malam. A taƙaita zaɓin zuwa abin da rumbun zai iya kiyayewa, amma kada a taƙaita bayanin.

Alhaji Lawal:
Na gode, Hajiya, zan nemi takardar. Amma wani abu ya tsaya mini. Dakta ta ce 'ya'yana suna ɗauke da rabin abin da na bayar. Ni ban shawarce su ba lokacin da na sa hannu, ƙannena ma ban faɗa musu ba. Ina da ikon bayar da abin da ba nawa ni kaɗai ba?

Barista Nura:
Alhaji, a yawancin dokoki amsar ita ce kana da iko, domin jikinka ne kuma kai baligi ne mai hankali. Amma kotuna sun taɓa ganin ɗaya ɓangaren. A 2003 Kotun Ƙolin Iceland ta yanke cewa wata yarinya tana da hurumin hana a shigar da bayanan lafiyar mahaifinta da ya rasu cikin rumbun ƙasar, bisa hujjar cewa daga nasa ana iya fahimtar abubuwa game da ita. Duk da haka, ni ba na goyon bayan a wajabta izinin dangi. A ina za a tsaya, 'ya'ya, ko 'yan'uwa, ko har 'ya'yan baffa? Kuma hakan zai ba ɗan'uwa ɗaya ikon hana baligi yin abin da ya ga dama da jininsa, wanda sau da yawa mai rauni a gida ne zai cutu da shi.

Dakta Sa'adatu:
Na yarda da Barista cewa ba za a wajabta ba, amma ban yarda a bar maganar a nan ba. A 2013 wasu masana a Heidelberg suka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin halittar HeLa, wato ƙwayoyin da aka ɗauka daga jikin wata Ba'amurkiya mai suna Henrietta Lacks a 1951 ba da saninta ba. Jikokinta suna raye, kuma jerin yana faɗin wani abu game da su, amma babu wanda ya tuntuɓe su. Bayan sun yi magana aka janye bayanan, kuma a watan Agustan shekarar NIH ta cim ma yarjejeniya da iyalin cewa sai an nemi izini kafin a yi amfani da su, tare da sanya mutum biyu daga iyalin a kwamitin da ke duba buƙatun. Wannan ya yiwu ne saboda iyali ɗaya ne sananne, ba zai yiwu ga mutum dubu ɗari ba. Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a faɗa wa mai bayarwa a fili cewa bayanansa sun shafi danginsa na jini, a ba shi kwafin takardar ya je gida da ita, a kuma bar masa kwanaki kafin ya dawo ya sa hannu in ya so.

Barista Nura:
Ba da lokaci abu ne mai kyau, Dakta, amma a aikace yana iya komawa izinin dangin da muka ce ba za a wajabta ba, domin wanda ya je gida da takarda wataƙila wani ne zai yanke masa hukunci. Ni zan fi so lokacin ya zama tayi ne da mutum zai iya ƙi, ya sa hannu a ranar idan ya gamsu.

Hajiya Rakiya:
A kwamitinmu mun sha raba gari a kan wannan, kuma har yanzu ba mu zama baki ɗaya ba. Ni ina tare da Dakta idan za a karanta ƙwayoyin halittar gaba ɗaya a kuma raba su ga masu bincike na waje, ina tare da Barista idan gwaji ne na gurabe kaɗan da ba zai fita daga cibiyar ba. Malama Maryam, naku na rukunin farko ne, saboda haka ki tambayi shugaban aikin ko tsarinku zai ɗauki zuwa biyu, ɗaya na bayani ɗaya na ɗibar jini. Ki kuma tambaye shi abin da aka tanada idan kuɗin aikin ya ƙare ko aka rufe rumbun, wa zai gaji kwalaben da jadawalin sunayen, domin wannan ma ya kamata ya shiga takardar kafin ki karanta wa mutum na farko.